Hula a Kan Allon Wani

Wata ranar Talata ce cikin Agusta, shekara uku bayan mulkin kai. An kwana ana ruwa a Yamai, gari ya waye da lumshi, hanyoyin unguwar Kalley duk jan taɓo, kowa na tafe da takalmi a hannu. Irin ranar da mai fenti ba ya so ke nan, don fentin mai ba ya saurin bushewa in iska ta jiƙe. Mijinyawa yana zaune bakin rumfarsa yana wanke buroshi, sai ga Alhaji Mutari ya tsallako kwata, ya tattare babbar riga a kafaɗa.

Mijinyawa mutumin Damagaram ne, amma a Kalley ya girma, a hannun marigayi Malam Alu mai rubutun alluna. Tun rasuwar Malam, duk wani rubutu na Alhaji Mutari shi ke yi: allon shago, ƙofofin kamyo, wato manyan motocin kaya, har lambar gida. Alhaji ɗan kasuwar Maradi ne, mai motocin kaya da aikin gine-gine, kuma a unguwar ba a cewa mai rubutu kurum, sai a ce mai rubutun Alhaji. Da wannan sunan Mijinyawa ke taƙama, da shi ya yi aure, da shi ake ba shi wurin zama a gaba in ana taro.

Alhaji ya zauna kan benci, aka gaisa, ya ce, "Masaukin nan na bakin tasha ya ƙare. Asabar za mu buɗe. Allo biyu nake so. Ɗaya da Faransanci, ya kalli gari. Ɗaya da Ingilishi, ya kalli hanyar Dosso, don direbobin Kano da fataken Kumasi su gani tun daga nesa."

"An gama, Alhaji. A rubuto mini na Ingilishin a takarda, in zana."

"A'a, na rage maka wahala. Kai ka yi na Faransanci. Na Ingilishi na ba Tanimu, ya ma fara tun jiya."

Mijinyawa ya ci gaba da murza buroshin da ya riga ya fita tas. Tanimu ƙanensa ne na sana'a. Tare suka ci tuwon gidan Malam Alu, shi ya koya masa riƙe buroshi, shi ya sha rufa masa asiri in ya zubar da gwangwani. Daga baya Tanimu ya bi fatake Kumasi, ya daɗe can, ya dawo bana da wando mai kaifi da agogo da Ingilishi a baki, ya buɗe rumfa a ɗaya gefen Babbar Kasuwa.

Da Alhaji zai tashi ya ƙara da cewa, "In damina ta wuce za a sake wa motocina rubutu gaba ɗaya. Sai mu ga yadda za a yi."

Da can cewa yake yi, ka shirya. Yau ya ce sai mu ga yadda za a yi.

Garba tela, wanda keken ɗinkinsa ke jingine da bangon rumfar, bai bari Alhaji ya yi nisa ba. Ya leƙo da zare a baki ya ce, "Mai rubutun Alhaji, ko in ce rabin mai rubutun Alhaji?"

"Ka ji da ɗinkinka. Wuyan rigar liman har yau a karkace yake."

"Liman ne a karkace, riga lafiyarta lau. Amma kai, ɗan da ka goya ya fara ganin abin da ke bayan katanga kafin kai."

Mijinyawa ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ya ɗauko katako, ya goge, ya shafa farar ƙasa, ya ja igiya mai alli ya fitar da layuka. Bai taɓa zuba wa allo hankali kamar wannan ba. A sama ya rubuta RENDEZ-VOUS DES CHAUFFEURS, wato mahaɗar direbobi. A tsakiya HÔTEL, RESTAURANT, CAFÉ. A ƙasa sunan mai wuri da sana'arsa, EL HADJ MOUTARI, ENTREPRENEUR.

Akwai abin da Mijinyawa ya fi kowa a Yamai, kuma ya sani. Masu rubutu da yawa ba sa damuwa da 'yan alamomin da Faransanci ke ɗora wa haruffa in manyan haruffa ne, har takardun gwamnati ma sukan fito haka. Malam Alu kuwa cewa yake yi rubutu ba alama kamar allon karatu ne ba wasali. A rumfarsa kowace alama da sunanta. Mai kama da rufin bukka da ke kan O na HÔTEL ita ce hula. Mai jirge da ke kan E na CAFÉ tsinke. 'Yar gajerar da ke kwance tsakanin RENDEZ da VOUS sanda. Mijinyawa yana da buroshi guda na gashin raƙumi, siriri, gadon Malam, wanda ba ya taɓa komai sai waɗannan, kuma sai a ƙarshe, in haruffa sun bushe. Hularsa ƙafar hagu kauri, ta dama siririya mai ɗan lanƙwasa kamar wutsiyar tsattsewa. Wanda bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ma, in ya ga hular nan a allon shago, ya san hannun wane ne.

Laraba da hantsi Tanimu ya zo, ya tsaya bakin rumfa ya cire hula.

"Yaya, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Wata 'yar magana ce ta kawo ni, kan allon nan na Alhaji. Akwai wani wuri da nake so..."

"Allon Alhaji wanne? Nawa ga shi, ka gani, ba ya neman kowa. Naka kuwa ai na mutanen Kumasi ne. Mu da ba mu ƙetare ko Gaya ta bakin iyaka ba, me muka sani?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Hannuna da fenti, Tanimu. Ka gai da gida."

Tanimu ya ɗan tsaya, ya mayar da hularsa, ya tafi. Garba ya taka kekensa da ƙarfi.

Da yamma Sa'adatu, matar Mijinyawa, ta ajiye masa tuwo ta ce, "Maigida, Tanimu ya biyo ta nan ba ka nan. Ya kawo wa yara alewa. Ya ce don Allah ka ba shi lokaci kafin Asabar."

"Alewa ya kawo? To ya kyauta. Mai ɗauke maka akuya shi ke kawo maka igiyarta."

"Akuyar wa ya ɗauka? Alhaji ne ya kira shi, ba shi ya kai kansa ba."

"Ke ma kin koma Kumasi ke nan."

Ta ɗauki buta ta bar masa wurin.

Alhamis da safe ya ɗora allonsa a amalanke ya kai masaukin. Aka jingine shi a babbar rumfar baya, inda ruwa ba ya shiga. Kusa da shi ga allon Tanimu, an kwantar da shi kan bulo yana shan iska. Mijinyawa ya yi niyyar kada ya kalla, amma ido ba ya jin magana. Shuɗi ne mai zurfi, irin wanda ba a samu a kantunan Yamai, haruffa rawaya, kowanne da inuwarsa. Aikin ya yi kyau, kuma kyan nan ya fi komai ƙona masa rai.

Sai ya soma karantawa. Kalmar farko, DRIVERS', baƙuwa ce gare shi, ya wuce ta. Sauran kuwa duk 'yan gida ne. RESTAURANT harafi da harafi daidai da nasa. ENTREPRENEUR haka. To ashe Ingilishin da ake ta kuri da shi Faransanci ne aka sake wa riga. Ya ƙara dubawa, murna ta kama shi. HOTEL ba hula. CAFE ba tsinke. RENDEZVOUS an haɗe shi curi guda, ba sanda.

Ya sami Alhaji a tsakar gida yana duba masu shafe.

"Alhaji, ba don ɓatanci ba, allon yaron nan akwai gyara. Wuri uku. In aka rataya shi haka, 'yan lakwal za su yi mana dariya."

"Ka faɗa masa?"

"Ni nake faɗa maka, kai mai abu."

Alhaji ya dube shi, ya yi murmushi irin na manya. "Malam Mijinyawa, ka iya Ingilishi?"

"Kalmomin ai na Faransanci ne."

"Na ce ka iya Ingilishi? To bar wa mai kaza kazarsa. Kowa ya tsaya kan allonsa."

A gaban masu shafe ya faɗi haka, ɗaya daga cikinsu har ya sunkuyar da kai yana dariya. Mijinyawa ya fito yana jin kunnuwansa na zafi. Shekarun da ya yi yana rubuta sunan mutumin nan a ƙofar kowace mota, yau maganarsa ba ta kai ta yaron da ya share wa hanci ba.

Masu rubutun alluna suna da ka'ida guda wadda ba a rubuta ko'ina ba, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ta. Ba ka sa buroshi a allon wani. Ko ka ga kuskure ƙiri-ƙiri, bakinka za ka kai, ba hannunka ba, sai fa in mai aikin ne da kansa ya miƙo maka. Malam Alu ya taɓa korar almajirinsa mafi hazaƙa kan ɗigo guda. Mijinyawa yana wurin ranar, shi ya ɗaukar wa wanda aka kora tabarmarsa.

Duk da haka ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, gari ya yi tsit kowa ya kwanta ƙailula, ya zuba buroshin gashin raƙumi da ɗan gwangwanin rawaya da na shuɗi da kwalbar isansi, man mota da yake wanke fenti da shi, cikin aljihun riga, ya nufi bakin tasha. A hanya yana gaya wa kansa mutuncin Alhaji zai tsare. Can ƙasan zuciyarsa kuwa abin da yake so daban ne. So yake gobe, in an rataya allo, duk Kalley ta ɗaga kai ta ga hannunsa a kan aikin Tanimu, ta san wa ke gyara wa wani.

Mai gadi ya san shi, ya ce masa fofo, wato sannu, ya koma barcinsa.

Ya durƙusa gaban allon. Ya fara da tsinke. Abin mamaki, sama da E ɗin CAFE akwai fili wadatacce, har da ɗan tabon alli, kamar an auna. Bai tsaya tunani ba, ya ja shi sau ɗaya, ya zauna cif. Ya koma kan O na HOTEL. Nan wurin ya matse, don layin sama ya sauko kusa, amma ya lallaɓa ya ɗora hula, ƙafar hagu kauri, ta dama wutsiyar tsattsewa. Ya ja da baya ya duba. Da ya tsaya nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi.

Saura sanda. Tsakanin Z da V ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba, don Tanimu ya auna kalmar a matsayin guda. In za a sa sanda, sai an goge VOUS an matsar da shi dama. Mijinyawa ya taɓa shuɗin da bayan yatsa, ya ji ya bushe. Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa a damina fenti fata yake yi a sama, cikinsa ɗanye. Ya jiƙa tsumma da isansi ya goga kan V.

Rawayan ya narke, shuɗin ƙasa ya biyo shi. Suka haɗu suka zama wani kore mai kama da kashin agwagwa. Ya ƙara goga don ya tsaftace, fatar fentin ta tattare ta yi yamutsa kamar saman madarar da aka tafasa, ta ɗago har farar ƙasa ta bayyana. Gumi ya karyo masa. Ya buɗe nasa shuɗin ya shafa, ya fito fari-fari kusa da na Kumasi, kamar facin sabon yadi a tsohuwar riga. Ya ɗora sanda, ya sake zana haruffa huɗun a kan ɗanyen fenti, gefensu na zubowa. V ya samu wuri, O da U suka matsu, S ya hau kan layin gefe rabinsa a waje. Gashin buroshin Malam, wanda bai taɓa shiga isansi da datti irin haka ba, ya baje kamar tsohuwar tsintsiya.

Da aka kira la'asar ya tashi, ya fita ta ƙofar baya.

Asabar da sassafe Tanimu ya yi sallama a ƙofar gida. Ba wando mai kaifi yau, tsohuwar rigar aiki ce a jikinsa.

"Yaya, Alhaji na kira."

Suka tafi tare har bakin tasha. An fito da allon tsakar gida, an jingine shi da bango. Mutane sun taru, masu shafe, direbobi, mata masu girkin buki, har Garba tela da ya kawo labulen ƙofofi. Ba wanda ya tambayi wa ya yi. Garba ma kallon hular ya yi, ya kalli Mijinyawa, ya kau da kai.

Alhaji ya ce, "Malam Mijinyawa, wannan hular taka ce?"

"Tawa ce. Na gaya maka akwai gyara, ba ka ji ba. HÔTEL da hula yake, ko'ina a duniya."

Tanimu ya yi magana a hankali, idonsa kan allon. "A Faransanci da hula yake, Yaya. Ingilishi aro ya yi, kuma ya daɗe da cire masa ita. Haka RENDEZVOUS, su a haɗe suke rubuta shi. RESTAURANT da ENTREPRENEUR ba su taɓa ko harafi ba, don dama ba su da alama. Ni ma da na isa can na sa wa wani otel hula, mai wurin ya sa na kankare ta da wuƙa."

"To CAFE fa? Shi ma cire masa suka yi?"

"Shi wasu na sa masa, wasu ba sa sawa, duka ana karɓa. Masu sawa sun ce tsinken ne ke nuna a faɗi harafin ƙarshe, don a Ingilishi E na ƙarshen kalma yawanci ba a faɗinsa. Ni na fi son a sa." Ya nuna saman E ɗin. "Shi ya sa na bar wurin, na yi masa alama da alli. Na ce wa Alhaji wannan guda Yayana zai ja shi, don ba mai tsinkensa a garin nan. Abin da na zo roƙo ke nan ranar Laraba. Na kuma biya gida."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Ya faɗa mini tun ranar da ya fara. Na ɗauka kun yi magana. Da ka zo kana cewa wuri uku, na ce a raina bari su daidaita tsakaninsu, 'yan gida ɗaya ne."

Mijinyawa ya dubi tsinken. Yana nan zaune cif a wurin da aka tanadar masa, shi kaɗai ne abu mai kyau da hannunsa ya bari a allon.

"Ni ban iya Faransanci ba, ban iya Ingilishi ba," in ji Alhaji. "Da hula, da ba hula, direban Kano zai ci tuwo ya kwana. Ko da kai ne mai gaskiya, ba wannan ne ya dame ni ba. Na ajiye aikin mutum a rumfata, cikin amanata, ka shigo ana barci ka sa masa hannu. Ina da mota a hanya, ina da kaya a sito. Wanda zai yi wannan don ransa ya ɓaci, ba zan bar shi shi kaɗai da ƙofar motata ba."

"Alhaji, a yi masa haƙuri," in ji Tanimu. "Zan sake wani."

"Da wane shuɗin? Ba ka ce gwangwanin ƙarshe ke nan ba?"

Roƙon nan na Tanimu ya fi wa Mijinyawa ciwo a kan faɗan Alhaji. Da zagi ya yi, da ya samu abin riƙewa.

Aka buɗe masauki da allo ɗaya, na Faransanci, yana kallon gari. Ƙusoshin da aka kafa ta wajen hanyar Dosso suka zauna ba komai har bayan sati biyu, sannan aka rataya sabon allo, kore, wanda Tanimu ya yi da fentin kantin Yamai. Mijinyawa ya bi ta wurin sau ɗaya, a kan hanyarsa ta zuwa Tondibia rubuta allon wani mai sayar da itace. Ya ɗaga kai. HOTEL ba hula, RENDEZVOUS curi guda, CAFÉ da tsinke, ɗan gajere mai kauri, hannun Tanimu.

Da damina ta wuce aka jera motocin Alhaji a gefen Babbar Kasuwa, gaban rumfar Tanimu. Daga inda Mijinyawa ke zaune ba a hango su, amma Garba ya daina tsokanarsa, kuma hakan ya ishe shi labari. Tanimu bai daina gaishe shi ba in sun haɗu a masallaci, sai dai yanzu Malam Mijinyawa yake cewa.

Abin da ya salwanta ke nan: allo guda na katako mai kyau, gwangwanin shuɗi na ƙarshe da ya zo daga Kumasi, buroshin gashin raƙumi na Malam Alu, aikin motocin Alhaji Mutari da duk wanda ya biyo bayansa, sunan mai rubutun Alhaji, da mutum ɗaya a Yamai da ke ce masa Yaya.